Yadda Ake Rubuta Hujjar Daidaituwar Alwatika a Jingar Jometiri, Kowane Mataki da Dalilinsa

Idan malamin lissafi ya ba da jinga ya ce a tabbatar da cewa alwatika biyu sun daidaita, abin da zai duba a takardar shi ne hanyar da aka bi, domin amsar tana cikin tambayar tun farko. Tambayar da kanta ta riga ta faɗa maka cewa tsawon kaza daidai yake da tsawon kaza, saura kawai ka nuna dalilin da ya sa dole hakan ya kasance. Saboda haka kowane layi da ka rubuta a cikin hujjar yana da ɓangare biyu, wato maganar da ka yi da kuma dalilin da ya ba ka damar yin ta, kuma layin da ya zo babu dalili a gefensa yana iya rasa maki ko da maganar da ke cikinsa gaskiya ce.

Wannan jagora za ta bi tambaya guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Ga tambayar: ABCD faralelogiram ne, wato siffa mai gefe huɗu wadda gefunanta masu fuskantar juna faralel ne, ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su; dayagonal ɗinsa biyu, AC da BD, wato layukan da suka haɗa kusurwoyi masu fuskantar juna, sun haɗu a ɗigon O; a tabbatar da cewa AO = CO, kuma BO = DO. Na zaɓe ta ne domin idan aka fara daga ma'anar faralelogiram ba ta warwaruwa da daidaituwa guda ɗaya, sai an yi biyu, ta farko ta share wa ta biyu hanya, kuma a daidai wannan gaɓar ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe.

Abin da daidaituwa take nufi, da abin da ya isa ya tabbatar da ita

Alwatika biyu sun daidaita idan za a iya yanko ɗaya a ɗora ta a kan ɗayar su dace cif, babu inda ya leƙo, ko da sai an juya ta ko an kife ta kafin ta zauna. Kowace alwatika tana da gefe uku da kusurwa uku, don haka daidaituwa tana nufin abubuwa shida na wannan sun yi daidai da abubuwa shida na waccan. Sai dai ba a buƙatar a nuna shidan duka. Uku sun isa idan an zaɓe su da kyau, kuma sauran ukun suna biyowa a matsayin sakamako. Amfanin hujjar ke nan: ka nuna uku da kake da hanyar nunawa, ka karɓi ukun da ba ka da hanyar kaiwa gare su kai tsaye.

Sharuɗɗan da aka yarda da su ana rubuta su a taƙaice da haruffa, inda S yake tsaye a madadin gefe, A kuma a madadin kusurwa. SSS yana nufin gefe uku sun yi daidai da gefe uku. SAS yana nufin gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu. ASA yana nufin kusurwa biyu da gefen da ke tsakaninsu, AAS kuma kusurwa biyu da gefen da ba ya tsakaninsu, muddin gefen yana fuskantar kusurwa iri ɗaya a cikin alwatikan biyu. Na ƙarshe shi ne RHS, wanda ya keɓanta ga alwatika mai kusurwar digiri 90, inda ake buƙatar kusurwar nan, da gefe mafi tsawo da ke fuskantarta, da wani gefe guda. Yawancin waɗannan sharuɗɗa tsofaffi ne ƙwarai, domin Yuklid, wanda ya koyar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya jera SAS da SSS da ASA da AAS a kashi na farko na littafinsa na jometiri.

Akwai haɗi biyu da suke kama da sharaɗi amma ba su tabbatar da komai, kuma ya kamata ka gan su da idonka sau ɗaya domin kada su yaudare ka. Na farko shi ne AAA. Alwatika mai gefe uku kowanne santimita 4, da wata mai gefe uku kowanne santimita 9, dukansu kusurwoyinsu digiri 60 ne, amma babu yadda za a yi ƙaramar ta rufe babbar. Na biyu ya fi haɗari, wato SSA, gefe biyu da kusurwar da ba ta tsakaninsu. Ɗauki rula da furotirakta ka zana kusurwa mai digiri 30 a ɗigon A, ka auna AB santimita 10 a kan hannu ɗaya na kusurwar, sannan ka buɗe kamfas santimita 6, ka kafa tsininsa a B, ka zagaya. Za ka ga bakan ya yanki ɗaya hannun a wuri biyu, ɗaya wajen santimita 5.3 daga A, ɗayan kuma wajen santimita 12. Ka samu alwatika biyu ke nan masu kusurwa 30, da gefe 10, da gefe 6, amma ɗaya gajera ce ɗaya doguwa. Saboda haka duk lokacin da za ka rubuta SAS, tsaya ka tabbatar cewa gefen nan biyu su ne suka haɗu suka yi kusurwar da ka ambata.

Mataki na farko: zanen da ba zai ruɗe ka ba

Kafin ka rubuta komai, zana siffar da girma, kuma ka zana ta a yanayinta na gama-gari. Idan tambaya ta ce faralelogiram, kada ka zana abin da ya yi kama da murabba'i ko mai kusurwoyin digiri 90, domin idonka zai fara ganin daidaito a inda babu shi, kuma hannunka zai rubuta abin da ido ya gani. Ina ba da shawarar a zana AB santimita 8 a kwance, AD santimita 5, kusurwar da ke A kuma digiri 60, sannan a cika C yadda DC zai zama faralel da AB, BC kuma faralel da AD. Haruffan suna bin juna a zagaye: A a ƙasa hagu, B a ƙasa dama, C a sama dama, D a sama hagu. Wannan tsari na da muhimmanci, domin idan ka musanya wurin C da D, layukan AC da BD za su koma gefuna maimakon dayagonal, kuma duk abin da zai biyo baya ya lalace.

Bayan ka ja AC da BD ka sa O a mahaɗarsu, sai ka yi wa zanen alamomi, amma alamomin abin da aka ba ka kaɗai. Sa kibiya ɗaya a kan AB da DC, kibiya biyu a kan AD da BC, don nuna gefunan da suke faralel. Kada ka sa alamar daidaito a kan AO da CO tukuna, domin su ne abin da ake nema, kuma idan alamar ta hau zanen tun yanzu, nan gaba kaɗan za ka manta cewa kai ne ka sa ta, ka ɗauke ta a matsayin abin da tambaya ta bayar.

Mataki na biyu: raba abin da aka bayar da abin da ake nema

A saman takardar hujjar ana rubuta abubuwa biyu daban. A ƙarƙashin abin da aka bayar, rubuta cewa ABCD faralelogiram ne, wato AB ∥ DC da AD ∥ BC, inda alamar ∥ take nufin faralel, kuma AC da BD sun haɗu a O. A ƙarƙashin abin da ake nema, rubuta AO = CO da BO = DO. Wasu suna ganin wannan ɓata lokaci ne tunda maimaita tambaya ne, amma shi ne iyakar da ke hana kayan ɓangare na biyu shiga ɓangare na farko.

Daga nan dalilan da aka halatta maka iri huɗu ne kawai. Akwai abin da tambaya ta bayar. Akwai ma'anar kalma, kamar cewa faralelogiram siffa ce mai gefe huɗu wadda kowane gefe biyu masu fuskantar juna faralel ne, ko cewa tsakiyar layi tana raba shi gida biyu daidai. Akwai ƙa'idar da aka riga aka tabbatar a aji, kamar cewa kusurwoyin alwatika sun taru sun ba da digiri 180. Sannan akwai layin da kai da kanka ka riga ka tabbatar a sama cikin hujjar. Duk dalilin da bai shiga ɗaya daga cikin huɗun nan ba, kamar “a zane an ga haka” ko “na auna da rula”, ba a karɓarsa. Lamarin kamar gaban alƙali ne, inda ba a tambayar mai ƙara ko ya tabbata a ransa, shaidarsa ake nema ya kawo.

Mataki na uku: tunani daga ƙarshe zuwa farko a takardar gwaji

Hujja ana rubuta ta daga abin da aka bayar zuwa abin da ake nema, amma ana gano ta ne ta bin hanyar a juye. Ɗauki wata takarda daban ka tambayi kanka: AO gefen wace alwatika ne, CO kuma gefen wace ce? AO yana cikin AOB, yana kuma cikin AOD. CO yana cikin COD, yana kuma cikin COB. Idan ka dubi zanen, AOB da ke ƙasa da COD da ke sama suna kama da juna, ɗaya juyin ɗaya ce, kuma BO da DO ma suna cikinsu, don haka idan aka tabbatar da daidaituwarsu an samu abubuwan da ake nema guda biyu a lokaci ɗaya.

Yanzu sai ka lissafa abin da ka sani game da waɗannan biyun. Layin AC ya ratsa AB da DC, waɗanda faralel ne, don haka kusurwar OAB da kusurwar OCD suna zaune a lungu biyu na siffar harafin Z, kuma ƙa'ida ta ce irin waɗannan kusurwoyin Z daidai suke. Haka nan layin BD ya ratsa faralel ɗin nan biyu, ya ba da kusurwar OBA daidai da kusurwar ODC. A mahaɗar O kuma, kusurwar AOB da kusurwar COD suna fuskantar juna a inda layuka biyu suka gitta, don haka su ma daidai suke. Ka samu kusurwa uku, kuma a nan ne mai gaggawa yake rubuta cewa alwatikan sun daidaita. Amma AAA ne kawai a hannunka, kuma ka riga ka ga cewa bai isa ba. Kana buƙatar gefe guda.

Gefunan da ke akwai uku ne a kowace alwatika. AO da CO su ne abin nema, BO da DO ma haka, saboda haka ba za a taɓa su ba. Saura AB da CD. Shin an ba ka cewa AB = CD? Tambayar ta ce faralel ne, ba ta ce tsawonsu ɗaya ba. A nan sai ka duba abin da aka riga aka koyar. Idan malaminku ya riga ya tabbatar a aji cewa gefunan faralelogiram masu fuskantar juna daidai suke, kana iya kawo wannan a matsayin ƙa'ida ka wuce. Idan kuwa ba a yi ba, ko kuma jingar ta ce a fara daga ma'anar faralelogiram, dole ka tabbatar da shi da kanka. Ni a ganina gara a tabbatar, domin layi biyar kawai zai ci, kuma hujjar za ta tsaya da ƙafarta ko a hannun wane mai dubawa ta faɗa.

Don samun AB = CD, sake yin tambayar ɗazu: waɗanne alwatika ne suke ɗauke da su, waɗanda kuma kake da gefe a cikinsu? Dayagonal AC ya raba siffar gida biyu, ABC da CDA, kuma AC ɗin gefe ne na dukansu. Ga gefen da ake buƙata ya samu ba tare da wahala ba. A kan iyakokinsa biyu kuma akwai kusurwoyin Z, ɗaya daga AB ∥ DC, ɗaya daga AD ∥ BC. Hanyar ta fito ke nan: manyan alwatika tukuna, sannan ƙanana.

Mataki na huɗu: jera haruffa yadda suka dace

Kafin rubutun ƙarshe, akwai abin da ake yawan rainawa alhali yana cin maki, wato tsarin haruffa a cikin sunan alwatika. Idan ka rubuta △ABC ≡ △CDA, wato alwatika ABC ta daidaita da alwatika CDA, kana cewa ne A ta hau kan C, B ta hau kan D, C ta hau kan A. Daga wannan tsari kaɗai, ko ba a dubi zane ba, ana iya karanta cewa AB ya dace da CD, domin su ne haruffa na farko da na biyu a kowane ɓangare, BC kuma ya dace da DA. Da za ka rubuta △ABC ≡ △ADC, alwatikar dai ita ce, amma maganar ta canza, domin yanzu kana cewa AB = AD, kuma a zanenka ɗaya santimita 8 ne ɗaya 5.

Hanyar samun tsarin daidai ita ce a bi kusurwoyin da aka nuna sun yi daidai. Kusurwar BAC tana zaune a A, abokiyarta DCA tana zaune a C, don haka A ta dace da C. Kusurwar BCA tana C, abokiyarta DAC tana A, don haka C ta dace da A. Abin da ya rage shi ne B da D. Ka kuma riƙa kiran kowace kusurwa da haruffa uku, harafin tsakiya shi ne inda take zaune, domin a ɗigon A na wannan zane akwai kusurwa uku daban, BAC da DAC da BAD, kuma idan ka ce “kusurwar A” kawai, mai dubawa ba zai san wadda kake nufi ba.

Mataki na biyar: rubuta hujjar

Ana iya raba takarda gida biyu, magana a hagu, dalili a dama, ko a rubuta dalilin a cikin baka a ƙarshen kowane layi. Duk wanda aka zaɓa, a sa wa layukan lamba domin a iya komawa gare su. Ga kashi na farko, a cikin △ABC da △CDA, inda alamar ∠ take nufin kusurwa:

1. ∠BAC = ∠DCA. Dalili: kusurwoyin Z ne, AB ∥ DC, kuma AC ya ratsa su.
2. AC = CA. Dalili: gefe ɗaya ne da alwatikan biyu suka yi tarayya a kansa.
3. ∠BCA = ∠DAC. Dalili: kusurwoyin Z ne, BC ∥ AD, kuma AC ya ratsa su.
4. △ABC ≡ △CDA. Dalili: ASA, daga layi na 1, 2 da 3.
5. AB = CD. Dalili: gefuna ne da suka dace da juna a alwatikan da suka daidaita, daga layi na 4.

Lura da cewa layi na 1 da na 3 ba su da dalili iri ɗaya, ko da yake dukansu kusurwoyin Z ne. Na farko ya dogara da AB ∥ DC, na uku ya dogara da BC ∥ AD. Idan ka rubuta “kusurwoyin Z” kawai ba ka ambaci layukan ba, dalilin bai cika ba, domin siffar Z tana fitowa tsakanin kowane layuka biyu da wani ya ratsa, amma kusurwoyinta ba sa zama daidai sai layukan faralel ne. Hanyar gane layukan da za a ambata ita ce a bi Z ɗin da yatsa. Ga layi na 1, yatsa zai tashi daga B zuwa A, ya bi dayagonal zuwa C, ya ƙare a D, don haka hannuwan Z ɗin su ne BA da CD. Ga layi na 3, zai tashi daga B zuwa C, ya bi dayagonal zuwa A, ya ƙare a D, hannuwan kuma su ne BC da AD.

Layi na 2 yana ba wasu dariya, wai me ya sa za a rubuta cewa abu daidai yake da kansa. Dalilin shi ne sharaɗin ASA yana buƙatar abubuwa uku a rubuce, kuma wannan shi ne harafin S ɗin. Idan babu shi, layi na 4 yana tsaye ne a kan kusurwa biyu kaɗai. An kuma sa shi a tsakiya da gangan, tsakanin kusurwoyin biyu, domin tsarin layukan ya bi tsarin haruffan sharaɗin, mai dubawa ya gani nan take cewa gefen yana tsakanin kusurwoyin.

Ga kashi na biyu, a cikin △AOB da △COD:

6. ∠OAB = ∠OCD. Dalili: su ne kusurwoyin layi na 1, tunda O yana kan AC.
7. AB = CD. Dalili: an tabbatar a layi na 5.
8. ∠OBA = ∠ODC. Dalili: kusurwoyin Z ne, AB ∥ DC, kuma BD ya ratsa su.
9. △AOB ≡ △COD. Dalili: ASA, daga layi na 6, 7 da 8.
10. AO = CO, kuma BO = DO. Dalili: gefuna ne da suka dace da juna a alwatikan da suka daidaita, daga layi na 9.

Layi na 10 ya maimaita abin da aka rubuta a ƙarƙashin abin nema harafi da harafi, kuma da shi hujjar ta kammala. Za ka lura cewa ba a yi amfani da kusurwoyin da ke fuskantar juna a O ba, ko da yake an gano su a takardar gwaji. Ba laifi ba ne a bar su, domin sharaɗin abubuwa uku yake so, kuma ƙarin na huɗu ba ya ƙara wa hujjar ƙarfi. Wanda ya so yana iya amfani da su a madadin layi na 8, amma a wannan hali dole dalilin layi na 9 ya koma AAS, tunda AB ba ya tsakanin kusurwar da ke A da wadda ke O. Hanyoyin biyu duka daidai ne, kuskuren kawai shi ne a kawo kayan AAS a kira su ASA.

Inda hujjar take karyewa, da yadda ake ganewa

Kuskuren da ya fi muni a wannan tambaya shi ne amfani da abin nema a matsayin dalili. Ɗalibi zai rubuta AO = CO, BO = DO, kusurwar AOB daidai da COD, sannan ya ce SAS, daga nan kuma ya kammala da cewa AO = CO. Kowane layi a ciki gaskiya ne, kuma shi ya sa yake da wuyar gani ga wanda ya rubuta, amma hujjar ta zagaya ta dawo inda ta fara ba tare da ta tabbatar da komai ba. Dalilin da ake rubutawa a gefen irin wannan layi yakan zama “dayagonal na faralelogiram suna raba juna biyu”, wanda shi ne ainihin abin da aka ce a tabbatar, an dai sake masa kalmomi. Hanyar kama shi mai sauƙi ce: idan ka gama, ɗauki maganar da ke ƙarƙashin abin nema ka neme ta a cikin layukanka. Wuri ɗaya ya kamata ta bayyana, a layin ƙarshe. Idan ta fito a sama da haka, ko a ɓangaren magana ko a ɓangaren dalili, a sake aikin.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar abin da ya yi kama da gaskiya a zane. Biyu ne suka fi fitowa a nan: cewa AC ya raba kusurwar BAD gida biyu daidai, da cewa AO = BO. Na farko yana faruwa ne kawai idan gefunan huɗu tsawonsu ɗaya, na biyu kuma sai idan kusurwoyin siffar digiri 90 ne. A nan rula da furotirakta suke da amfani, domin ko da yake awo ba ya tabbatar da magana, yana iya ƙaryata ta. A zanen da aka ba da shawara a sama, idan ka auna za ka samu kusurwar BAC wajen digiri 22, kusurwar DAC kuma wajen digiri 38, waɗanda suka taru suka ba da 60 amma ba su yi daidai ba. BD zai fito santimita 7, BO da DO kowanne 3.5, AC kuma wajen 11.4, AO da CO kowanne wajen 5.7. Awon ya nuna cewa abin da ake nema ya yi daidai da zanen, ya kuma nuna cewa AO da BO sun yi nisa da juna. Da ka zana siffar kusa da murabba'i, da waɗannan lambobin sun matso kusa har su ɓoye maka kuskuren.

Na uku shi ne kawo sakamako kafin lokacinsa. Dalilin nan na “gefuna da suka dace a alwatikan da suka daidaita” ba ya halatta sai bayan an rubuta layin daidaituwar da sharaɗinsa. Idan layi na 5 ya hau sama da layi na 4, ya rasa abin da yake tsaye a kai. Don tantance wannan, karanta hujjar daga ƙasa zuwa sama, kuma a kowane layi ka duba cewa lambobin da dalilinsa ya ambata duk sun gaza lambarsa. Layi na 9 ya ambaci 6, 7 da 8, layi na 7 ya ambaci 5, layi na 5 ya ambaci 4, layi na 4 ya ambaci 1, 2 da 3, su kuma waɗannan sun tsaya a kan abin da aka bayar da ƙa'idar kusurwoyin Z. Idan sarƙar ta kai tushe haka ba tare da ta tsinke ba, hujjar ta tsaya.

Idan tambayar tana da kashi na biyu

Sau da yawa jinga irin wannan takan ƙara da cewa: idan kuma AB = AD, a tabbatar da cewa AC da BD sun gitta juna a kan digiri 90. A nan abin da ka tabbatar a kashi na farko ya zama kayan aikinka, kuma yanzu ya halatta ka kawo shi a matsayin dalili. Alwatikan da za a duba su ne AOB da AOD, domin kusurwoyin da ke O a cikinsu suna maƙwabtaka a kan layin BD.

11. AB = AD. Dalili: an bayar.
12. BO = DO. Dalili: an tabbatar a layi na 10.
13. AO = AO. Dalili: gefen tarayya.
14. △AOB ≡ △AOD. Dalili: SSS, daga layi na 11, 12 da 13.
15. ∠AOB = ∠AOD. Dalili: kusurwoyi ne da suka dace da juna a alwatikan da suka daidaita, daga layi na 14.
16. ∠AOB + ∠AOD = 180°. Dalili: kusurwoyi ne a kan miƙaƙƙen layi BOD.
17. ∠AOB = 90°. Dalili: daga layi na 15 da 16, kusurwa biyu ne masu girma ɗaya da suka taru suka ba da 180°.

Kada a yi ƙoƙarin amfani da RHS a layi na 14, ko da yake a zanen sabuwar siffar alwatikan suna da kusurwar digiri 90 a O, domin wannan kusurwar ita ce abin da ake nema a wannan kashi, kuma ba ta zama abin dogaro ba sai a layi na 17. Zanen farko mai santimita 8 da 5 ma ba zai yi aiki a nan ba, don haka sai a zana sabo mai gefuna huɗu daidai, misali santimita 6 kowanne da kusurwar digiri 60 a A, a sa alamar daidaito a kan AB da AD tunda yanzu tambaya ce ta bayar, da kuma kan BO da DO tunda an riga an tabbatar.